Ciwon Kai na Asuba da Gubar da Ba Ta da Wari

Barkanmu da sake saduwa a filinmu na faɗakarwa kan lafiyar iyali. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Batsari da Ruma da Wagini, da na Safana da Runka da Babban Duhu, da duk ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu. Yau za mu yi magana a kan wani ciwon kai da kusan kowane gida ya san shi, amma ba kowa ya san sunansa ba. Shi ne wanda ake tashi da shi da asuba a kwanakin hunturu: goshi ya yi nauyi kamar an ɗaure shi, jiki ya mutu, zuciya tana tashi, mutum ya miƙe zai yi alwala jiri ya ɗebe shi. Idan an fito tsakar gida an sha iska, kafin hantsi ya ɗaga sai ya lafa. Daren da aka sake kwana da kaskon garwashi a ɗaki, ko aka bar janareta yana aiki a zaure, sai ya dawo. Abin da nake so in kafa muku hujja a kansa shi ne, irin wannan ciwon kai labarin iskar ɗakin yake bayarwa. Wanda ya haɗiyi ƙwaya ya koma ya kwanta a ɗakin ya kashe gargaɗin ne kawai, gubar tana nan inda take.

Sunan gubar kabon monoksaid. Duk abin da ake ƙonawa mai ɗauke da sinadarin kabon, gawayi ne ko itace ko kara ko fetur ko kananzir ko gas, yana buƙatar oksijin, wato ɓangaren iska da numfashinmu ya dogara da shi. Idan wutar ta samu oksijin isasshe, abin da ke fita shi ne kabon dayoksaid, irin wanda mu ma muke fitarwa da numfashi. Idan bai ishe ta ba, ƙonuwar takan tsaya rabin hanya, sai kabon monoksaid ya fito. Garwashin da aka tara a kasko, toka ta lulluɓe samansa, iska ba ta ratsa tsakiyarsa, yana cikin manyan masu samar da wannan guba. Haka ma ƙaramin injin fetur irin na janareta, domin ba shi da na'urar tace hayaƙi da ake sa wa motocin zamani a salansa. Matsalar ita ce gubar ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Hayaƙin ɗanyen itace yana korar mutum daga ɗaki da yaji a ido, ita kuwa wannan ba ta korar kowa. Nauyinta kusan ɗaya ne da na sauran iska, saboda haka ba ta taruwa a sama kaɗai ko a ƙasa kaɗai. Gauraya take yi da iskar ɗakin gaba ɗaya, ta iske wanda ke kan gado da wanda ke kan tabarma.

Abin da take yi a jiki an san shi tun da daɗewa. Wani masanin ƙasar Faransa, Claude Bernard, ya nuna tun a shekarun 1850 cewa jini take kamawa. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari, himogulobin, wanda aikinsa shi ne ɗaukar oksijin daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. Ku ɗauke shi kamar motar kasuwa mai ƙidayayyun kujeru. Kabon monoksaid fasinja ne da ke riƙe kujera da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau 200 ko fiye, kuma idan ya zauna ba ya sauka da wuri. Shi ya sa ɗan kaɗan a cikin iska ke isa ya mamaye kujeru masu yawa a hankali, numfashi bayan numfashi. Ƙari a kan haka, ɗan oksijin da ya samu wuri a motar ma, gubar tana hana shi sauka inda ake jiransa. Ƙwaƙwalwa da zuciya su ne suka fi kowace gaɓa cin oksijin, don haka su ke fara kuka. Jijiyoyin jinin da ke cikin kai sukan buɗe don su jawo ƙarin jini, mutum ya ji kansa yana sarawa. Zuciya kuma takan ƙara gudu don ta cike giɓin, shi ne bugun ƙirjin da wasu ke ji.

Likitoci suna auna abin ne da yawan himogulobin da gubar ta kama. Mai lafiya da ba ya shan taba, abin da ke jininsa bai wuce kashi 2 ko 3 cikin 100 ba. Idan ya kai kashi 10 zuwa 20, ciwon kai da kasala sukan fara. Wajen kashi 30 zuwa 40 kan ya tsananta, amai ya zo, tunani ya rikice, ƙafafu su ƙi ɗaukar mutum. Daga kashi 50 zuwa sama ana maganar suma da farfaɗiya da mutuwa ne. Waɗannan alƙaluma kimantawa ne, domin tsoho mai ciwon zuciya ko mai ƙarancin jini yana iya faɗuwa tun kafin a kai inda saurayi zai ji komai. A nan ne zan amsa wa mai cewa, ai idan abin ya yi yawa zan farka in buɗe ƙofa. Malam, gaɓar da za ta tashe ka ita ce gubar ta fara kamawa. Mai barci ba ya jin ciwon kai, barcinsa ne ke ƙara nauyi. Wanda ya farka ma yakan tarar ba ya iya ɗaga jikinsa, ko ya rasa dabarar zare sakata, shi ya sa ake tarar da wasu a kwance dab da ƙofa. Saboda jikin ɗan Adam ba ya ba shi gargaɗin da zai dogara da shi, wani likita ɗan Sikotlan, John Scott Haldane, wanda ya binciki mutuwar masu haƙar kwal a shekarun 1890, ya ba da shawarar a riƙa shiga ramin da ɓera ko ƙaramin tsuntsu, domin su suke fara faɗuwa. An ci gaba da shiga da kanari ramukan kwal na Birtaniya har zuwa 1986.

Yanzu mu shiga ɗaki ɗaya mu yi lissafi. A ɗauka ɗaki ne irin wanda ake ginawa a garin Safana ko Batsari: tsawo mita 4, faɗi mita 3, tsayi mita 3, bangon bulo da shafen siminti, rufin kwano da silin, ƙofar ƙarfe, taga ɗaya. Iskar da ke cikinsa lita 36,000 ce. Daren watan Janairu ne, buji ya taso, an rufe tagar, an lanƙwasa kwali an cusa a inda take shan iska, an shimfiɗa tsumma a ƙasan ƙofa. Bayan sallar isha'i uwargida ta shigo da kasko mai gawayi rabin kilo, ta ajiye kusa da gado. Gwaje-gwajen da aka yi wa murhunan gawayi sun nuna kilo ɗaya yana fitar da kabon monoksaid daga giram 100 zuwa sama da 200. Mu ɗauki mafi ƙanƙanta. Rabin kilo zai ba da giram 50, wanda a matsayin iska ya kai kimanin lita 44. Idan garwashin ya ɗauki awa 3 kafin ya cinye, kusan lita 15 ke shiga iskar ɗakin a kowace awa. Da a ce ɗakin ba ya yoyon iska ko kaɗan, da ƙarshen awa ukun gubar ta kai kashi 1,200 a cikin kashi miliyan ɗaya na iska, adadin da ke iya kisa cikin 'yan awoyi. Babu ɗakin da ke rufe ruf haka, don haka mu ce iskarsa tana sabuntuwa sau ɗaya a awa ta 'yan kafofin da suka rage. Lissafin zai tsaya a kusan kashi 400 cikin miliyan. A wannan mataki ciwon goshi yana kama babba cikin awa ɗaya zuwa biyu, kuma idan aka zarce awa uku rai yana cikin haɗari. Mutanen wannan ɗaki sun tashi da ciwon kai kawai ne saboda gawayin ya riga su ƙarewa. Da an ƙara wani rabin kilo da tsakar dare, labarin yana iya zama daban.

To, a sake ɗaukar ɗakin nan da kaskon nan, amma a buɗe taga, a bar wata kafa a bangon da ke fuskantarta ko a saman ƙofa, yadda iska za ta shiga ta nan ta fita ta can. Idan iskar ɗakin ta sabuntu sau 10 a awa, lita 15 ɗin nan za ta narke a cikin iskar da ta ninka ta farko sau goma, adadin ya sauko zuwa kusan kashi 40 cikin miliyan. Wannan shi ne dukan sirrin barin iska ta ratsa: gubar tana fita da saurin da iskar ke fita. Kafa ɗaya ba ta yin aikin kafa biyu, domin iska ba ta shiga inda ba ta da mafita. Fanka kuma a rufaffen ɗaki juya gubar kawai take yi. Sai dai ku lura, ko kashi 40 ɗin ya ɗara abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya a ƙa'idojinta na iskar cikin gida na 2010, inda ta ce kada a wuce kimanin kashi 30 na tsawon awa ɗaya, ko kimanin kashi 9 na tsawon awa takwas. Wato taga tana rage haɗari ƙwarai, amma fitar da kaskon kafin barci shi ke kawar da shi. Janareta kuwa maganarsa ta wuce ta taga. Injin fetur yana iya fitar da ɗaruruwan giram a awa ɗaya, abin da kaskon nan bai fitar da kwatankwacinsa a dukan darensa ba. Idan muka ɗauki giram 300 a awa, ko da iskar ɗakin tana sabuntuwa sau 10, za a samu sama da kashi 700 cikin miliyan. Babu yawan tagogin da zai halatta kunna janareta a cikin ɗaki, ko shago, ko zaure, ko barandar da aka kewaye.

Wannan ba lissafin takarda kaɗai ba ne. A watan Mayun 2024 an tarar da matasa bakwai sun rasu a wani ɗakin naɗar waƙoƙi a Yenagoa, babban birnin jihar Bayelsa, bayan sun yi aiki har dare suka kwanta janareta yana aiki a ciki. A watan Disamban shekarar, a wani wurin shaƙatawa mai suna Gudauri a ƙasar Jojiya, mutum 12 ma'aikatan wani gidan abinci, 11 daga cikinsu 'yan Indiya, sun mutu a makwancinsu bayan wuta ta ɗauke an kunna janareta a rufaffen wuri kusa da ɗakunan. Ƙasashen sun yi nisa da juna, amma sanadin ɗaya ne: wuta ta ɗauke, an jawo inji ciki, an rufe ƙofa, an kwanta. Duk abubuwan nan huɗu muna da su a nan. Wutar lantarki ba ta tsayawa, tsadar gas da kananzir ta mayar da gidaje da yawa kan gawayi, ga shagunan cajin waya da na aski da gidajen kallon ƙwallo da ke rayuwa a kan janareta, kuma sau da yawa yaron shago a ciki yake kwana. Akwai kuma iyalan da rashin tsaro ya taso daga ƙauyuka suka cunkushe a ɗaki ɗaya a cikin gari, inda wurin girki da wurin kwana suka zama ɗaya.

Ta yaya za a bambanta wannan ciwon kai da saura? Tambayoyi huɗu sun isa. Mutum nawa ya kama? Zazzaɓin cizon sauro yakan bi mutane ɗaya bayan ɗaya, amma idan uwa da yara uku suka tashi safiya ɗaya da ciwon kai da amai, alhali na ɗakin da ke kusa lafiya lau, to a tuhumi ɗakin. Shin yana lafawa idan an fita waje, ya dawo idan an koma ciki? Shin akwai zafin jiki? Wannan guba ba ta kawo zazzaɓi. Na huɗu, me aka ƙona a daren, kuma ina kyanwa ko kajin da suka kwana a wurin, yaya suka tashi? Sau da yawa idan gida guda ya kwanta haka, zargi yakan tafi kan tuwon jiya, ko a ce sammu ne, ko a ce an gamu da mutanen ɓoye. Kafin a zargi mai girki ko maƙwabci, a dubi kaskon da ke gefen gado. Amma kada wannan bayani ya sa a yi sakaci ta ɗaya gefen. Ciwon kai mai zazzaɓi yana buƙatar gwajin jini, kuma idan ya zo da sanƙarewar wuya, musamman a watannin rani da sanƙarau ke yawo, asibiti za a nufa ba tare da jira ba.

Na san abin da wasu dattawa za su ce: iyayenmu da kakanninmu sun kwana da wuta a ɗaki, ba su mutu ba. Gaskiya ne sun kwana da wuta, amma a wane irin ɗaki? Ɗakin da aka yi wa jinka da ciyawa yana numfashi ta kansa. Iska tana ratsa rufin, tana bi ta tsakanin bango da jinka, ƙofar kuma asabari ce ko tufaniya. Ɗakin yau kwano ne da silin da siminti da ƙofar ƙarfe mai kama bango, wani lokaci har da leda a taga. Mun riƙe al'adar wutar, mun canza ɗakin da ya sa al'adar ba ta kisa. Sannan a da babu wanda ke auna jinin wanda aka wayi gari bai tashi ba, cewa ake yi kwana ya ƙare. Kwana yana ƙarewa, amma an umarce mu da kiyaye sababi. Akwai kuma masu cewa haɗarin yana cikin hayaƙin farko ne, idan aka bar gawayin a waje ya kama ya yi jajir, hayaƙin ya wuce, to ya zama lafiya. Wannan kuskure shi ne mafi haɗari a duk maganar. Abin da ke ƙarewa a waje shi ne hayaƙin da ido ke gani. Jan garwashi yana ci gaba da fitar da kabon monoksaid har ya zama toka, kuma rufe shi da toka don ya kai asuba yana ƙara rage masa oksijin ne. Dabarar ta cire abin da zai dame ka ka buɗe taga, ta bar abin da zai kashe ka.

Hujjar sanyi ta fi waɗannan ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Daren hunturu a yammacin Katsina yakan sauko ƙasa da digiri 15, ga ƙura, ga jariri sabon haihuwa da sanyi ke iya yi wa illa da gaske. Iyayenmu mata da ke gasa ɗakin maijego ba mugunta suke yi ba, kulawa ce. Sai dai jaririn nan da ake karewa shi ne mafi rauni a gaban gubar. Numfashinsa ya fi na babba sauri, ba zai ce kaina yana ciwo ba, abin da za a gani shi ne ya ƙi kama nono, ya yi laushi, ya yi ta barci, a ce yaron kirki ne ba ya kuka. Ɗan da ke ciki ma haka: jininsa ya fi na uwarsa riƙe gubar, kuma ya fi jinkirin sakinta, don haka mai ciki tana iya warwarewa alhali abin da ke cikinta bai warware ba. Mafita ita ce a raba ɗumi da wuta. A gasa ɗakin tun da sauran ido biyu, taga a buɗe, sannan a fitar da kaskon gaba ɗaya, a bar iska ta ratsa na ɗan lokaci kafin a rufe. Bango da ƙasa suna riƙe zafi bayan iskar ta sauya. A sa wa jariri hula da safa, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata a lulluɓe su tare lokacin da take farke, a ƙara bargo, a shimfiɗa wani abu mai kauri tsakanin tabarma da siminti. Ruwan wankan jego kuma a dafa shi a tsakar gida, kada a kai murhun cikin rufaffen makewayi.

Hujja ta ƙarshe ita ce wadda mutanen Batsari da Safana suka fi kowa haƙƙin kawowa, wato tsaro. Wanda ya shekara yana kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan bindiga, ba za ka ce masa ya bar taga a wangale ba, kuma wanda ya tara kuɗi ya sayi janareta ba zai so ya bar shi a waje ɓarawo ya ɗauka ba. Amsar ita ce iska ba ta buƙatar ƙofar da mutum zai iya bi. Taga mai sandunan ƙarfe da raga tana wucewa da iska tana tare mutum da sauro. Bulo mai huji guda biyu ko uku a saman bango, a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, suna aiki dare da rana, kuma duk magini ya san yadda ake sa su, abin da ake roƙo kawai shi ne kada a toshe su da tsumma idan sanyi ya zo. Janareta kuma a yi masa keji na rodi a tsakar gida, a kafe shi da siminti, a sa sarƙa da kwaɗo, a yi masa rufin kwano saboda ruwan sama, a bar gefunansa a buɗe. Hukumomin lafiya na Amurka suna ba da shawarar nisan ƙafa 20, kimanin mita 6, daga kowace ƙofa ko taga, bakin salansa yana kallon nesa da ɗaki. Wannan yana nufin sayen ƙarin waya, kuma shi ne kuɗin da ya fi cancanta a kashe. Idan gidan bai kai faɗin haka ba, a kai shi kusurwa mafi nisa da sama take buɗe, a rufe tagar da ke kallonsa, a duba kada hayaƙin ya nufi tagar maƙwabci, kuma a kashe shi kafin kowa ya kwanta. Mai hali ya sayi ƙaramar na'urar nan mai batir da ke ƙara idan gubar ta taru, ya rataye ta kusa da makwanci.

Idan kuma abin ya riga ya faru, an buga ƙofa ba a amsa ba, ga abin yi bi da bi. A buɗe ƙofa da tagogi, ko da ɓallewa ne. Mai shiga ya ja numfashi a waje, ya shiga ya jawo mutum ya fito, kada ya tsaya jijjiga shi a ciki, domin mai ceto ma yana faɗuwa. A kashe injin ko a fitar da kaskon. Wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan rubutu, domin gubar ba a ciki take ba, a jini take, kuma abin da aka ɗura wa sumamme huhu yake tafiya. Maganin shi ne oksijin. A iskar waje jiki yana ɗaukar awa 4 zuwa 5 kafin ya fitar da rabin gubar, amma da tsantsar oksijin ta abin rufe hanci da baki, lokacin yana saukowa zuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. Don haka a nufi asibiti mafi kusa da ke da oksijin, a Batsari ko Dutsin-Ma, su kuma idan abin ya fi ƙarfinsu su tura Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Duk wanda ya suma ko na ɗan lokaci ne, da mai ciwon ƙirji, da wanda ya rikice, da mai ciki, da jariri, da tsoho, a kai su ko sun ce sun warke. A faɗa wa ma'aikacin lafiya ƙarara cewa an kwana da gawayi ko janareta. Wannan kalma tana da muhimmanci, domin 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ba ta bambanta jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ke ɗauke da gubar, tana iya nuna 98 alhali mutum yana cikin haɗari. Bayan an dawo gida a ci gaba da lura har tsawon makonni shida, domin wasu sukan warke sannan daga baya mantuwa ko canjin hali ko tangaɗi wajen tafiya ya bayyana, kuma wannan ma na asibiti ne.

Masu sauraro, aikin da zan bar muku na yau ne, kafin magariba. Maigida ya zagaya ya duba kafofin iskar kowane ɗakin kwana, ya zare abin da aka cusa musu. Ya auna taku nawa ne tsakanin janareta da taga mafi kusa, idan bai kai taku takwas ba ya matsar da shi. Uwargida ta sa doka cewa kasko ba ya kwana a ɗaki, ko na maijego ne. Mai shago ya tambayi yaronsa inda yake kwana da abin da ke aiki a gefensa. Kuma duk safiyar da mutum biyu suka tashi daga ɗaki ɗaya da ciwon kai, a fito da kowa waje tukuna, a nemo abin da aka ƙona, kafin a aika yaro kemis. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu.